Darasi: Daga kamun nono zuwa ciwon nono

Kukan da masu jego suka fi kawowa shi ne: "Nonona ba ya isar yaron nan." Sau da yawa nonon yana nan, jaririn ne bai kama shi daidai ba. Daga rashin kamun nan ne ake samun tsagewar kan nono, da yawan kukan jariri, wani lokaci har da ciwon nono mai zuwa da zazzaɓi.

A kwana 2 ko 3 na farko dakashi ne yake fitowa, mai kauri, kuma ɗan kaɗan. Ba ƙaranci ba ne, cikin jariri ne bai wuce hakan ba. Kada a matse shi a zubar, domin shi ne kariyar farko da yaro yake samu daga cututtuka. Wajen kwana na 3 zuwa na 5 ruwan nono yake saukowa sosai. Kuma yawan tsotso ne yake kawo shi: gwargwadon abin da yaro ya sha, gwargwadon abin da jiki zai sake tarawa. Kunun kanwa da romo suna ƙosar da mai jego, amma ba sa maye gurbin tsotso.

To, yaya za ki gane ya ƙoshi? Kada ki auna da kuka, kada kuma ki auna da laushin nono, don bayan 'yan makonni nono yakan yi laushi ko da ruwa yana zuwa sosai. Dubi tsummansa. Daga kwana na 5, jaririn da yake samun isasshen nono yana yin fitsari sau 6 ko fiye a yini da dare, fitsarin kuma ba ja ba. Kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa. Yana shan nono sau 8 zuwa 12 a awa 24. Yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, amma wajen mako 2 ya kamata ya koma nauyin da aka haife shi da shi. Idan fitsarin ya yi ƙaranci, ko yaro yana ta barci ba ya farkawa ya sha, a kai shi asibiti a ranar.

Bari mu bi labarin wata 'yar fari a Tudun Wadar Zariya, wadda ta zo gida wankan jego. Kwana 10 da haihuwa, kan nononta na hagu ya tsage. Duk lokacin da za ta ba da shi sai ta cije leɓe. Yaro yana daɗewa a nono, yana saki yana kuka. Mahaifiyarta ta ce, "'Yar nan, nonon ne ba shi da ruwa, a ba shi ɗan ruwan ɗumi ya riƙe cikinsa." Ita kuma saboda zafi ta koma bayar da na dama kawai.

Da malamar asibiti ta zauna ta kalli yadda yake sha, sai ta ga kan nono kaɗai yake riƙe da shi, bakinsa a tsuke, kumatunsa suna lotsawa, ana jin ƙarar tsotso amma ba a jin haɗiya. Da ya saki, kan nonon ya fito a matse. Ta ce, "Baba, matso ki gani, ruwa yana nan, hanyar ce bai samu ba. Kuma kada a ba shi ruwa sai ya cika wata 6, nonon da kansa yana kashe ƙishi ko da a bazara."

Ga gyaran da ta yi. Ta juyo da yaron gaba ɗaya, cikinsa ya manne da na uwar, kansa da jikinsa a miƙe, ba wuya a karkace ba. Hancinsa ya yi daidai da kan nono. Uwar ta taɓa leɓensa na sama da kan nonon, ta jira har ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ta jawo shi da sauri. Yaro ake kawowa wajen nono, ba a sunkuyawa a kai masa. Idan ya kama daidai, haɓarsa tana taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, kuma baƙin da ya kewaye kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Zai ja a hankali, ya tsaya, ki ji ya haɗiye. Idan zafi bai lafa ba, sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, ki sake. Kada ki fizge.

Sai dai nonon hagun nan ya riga ya kwana biyu ba a sha ba. Da dare mai jegon ta tashi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi. Mutanen gida suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, abin da kowa zai fara zato a Zariya. Amma gefe ɗaya na nonon ya yi tauri, ya ɗau zafi, ba ya taɓuwa. Wannan shi ne ciwon nono: ruwa ya taru bai fita ba, wurin ya kumbura, kuma ƙwayoyin cuta suna iya shiga, musamman ta tsagewar. A fatarmu ja ba ya fitowa sosai, saboda haka a dogara da hannu: a taɓa wurin, a taɓa ɗaya nonon, a ji bambancin zafi. Ya bambanta da cikar nono ta kwana na 3 ko na 4, wadda takan kama duka biyun lokaci guda, ta kuma sauka idan yaro ya sha.

Babban kuskure shi ne a ce nonon ya ɓaci, a hana yaro. Bai ɓaci ba, kuma hanawar ce take ƙara ciwon. Ci gaba da ba shi duk lokacin da ya nema, daga kowane ɓangare. Idan ya ƙi kama mai ciwon, tatsa kaɗan da hannu har ki ji sauƙi, ba sai kin ƙoƙarta ƙarar da shi ba. Bayan ya sha, ɗora tsumma mai sanyi na kamar minti 10. Kada a murza wurin da ƙarfi, kada a gasa shi da ruwan wanka mai zafi, duk suna ƙara kumburi. A cire rigar nono mai matsewa. Farasitamol ko ibufurofen suna rage zafi, kuma mai shayarwa tana iya shansu, amma mai gyambon ciki ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta sha ibufurofen. Ki kwanta ki huta, ki sha ruwa.

Idan awa 24 ta wuce babu sauƙi, ko zazzaɓi ya yi tsanani tun farko, a je asibiti. Nan za a duba, a yi gwajin zazzaɓin sauro idan da bukata, a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta da ya dace da mai shayarwa, yawanci na kwana 10 zuwa 14. A shanye shi duka. Kafso biyu da aka sayo a kemis ba magani ba ne. 'Yar farin nan ta koma washegari, aka ba ta magani, cikin kwana 2 zazzaɓi ya sauka, kuma yaro bai daina sha ba.

Idan aka yi jinkiri, wurin yana iya tara mugunya, ya zama ƙulli mai taushi a tsakiya, mai zogi. Kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. A asibiti ake zuƙe ta da allura ko a ɗan tsaga, kamar a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Shika. Ƙullin da bai baje ba bayan an gama magani, shi ma a koma a nuna shi, don a tabbatar ba wata cuta ba ce. Uwa mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa kada ta jira awa 24: da zarar kan nono ya tsage ko nono ya kumbura, ta je wurin da take karɓar magani a gaya mata yadda za ta shayar.

Aikin aji: a naɗe zane kamar jariri, kowace ta nuna yadda za ta riƙe shi, sauran su faɗi alamomin kamu mai kyau. Sannan kowace ta rubuta a littafinta abu 3 da za su sa ta tafi asibiti.