Sun yi daidai a kanu 88 cikin 100, amma aikin bai tsayu ba: kurakuran rarraba kanun jaridu

A ɗauka kana nazarin yadda jaridu suka ba da labarin rushewar wata gada, ka tara kanun labarai 1,000, ka samu mutum biyu da za su sa wa kowane kanu lamba. Tambayar guda ce: wannan kanun ya ɗora wa wani laifi? Idan e, a rubuta 1. Idan a'a, a rubuta 0. Ka ware 100 ka ba su, kowa ya yi shi kaɗai, sai ga shi sun yi daidai a 88. Nan ne mutane da yawa suke rubuta "daidaito kashi 88 cikin 100" su wuce, alhali adadin bai gaya musu abin da suke zato ba.

Buɗe sakamakon ka gani. A kanu 84 dukansu sun ce 0. A kanu 4 dukansu sun ce 1. A 6 na farko ya ce 1 na biyu ya ce 0, a wasu 6 kuma akasin haka. Ke nan a cikin kanu 16 da wani daga cikinsu ya hango ɗora laifi, 4 kacal suka haɗu a kai, kuma ɗora laifin nan shi ne abin da ka fito nema. Kashi 88 ɗin ya kumbura ne saboda yawancin kanun ba su da wata gardama. Da kowannensu zai rufe ido ya rarraba 1 guda goma da 0 guda casa'in yadda ya ga dama, da a lissafi sun haɗu a wajen 82.

Gyaran shi ne a cire rabon dace. Ma'aunin da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda manhajojin lissafi ke nunawa da sunan `kappa`, aikinsa ke nan. A lissafin, `po` shi ne daidaiton da aka gani, `pe` daidaiton da dace kaɗai zai kawo, `κ` kuma shi ne `kappa`:

```
po = (84 + 4) / 100 = 0.88
pe = (0.10 × 0.10) + (0.90 × 0.90) = 0.82
κ  = (po − pe) / (1 − pe) = 0.06 / 0.18 = 0.33
```

Daga 0.88 an faɗo 0.33. Idan masu sa lambar sun fi biyu, ko akwai gurabun da wani bai cike ba, ma'aunin Klaus Krippendorff, wato `alpha`, ya fi dacewa. Shi Krippendorff ya ba da shawarar a dogara da abin da ya kai 0.800, abin da ya faɗa tsakanin 0.667 da 0.800 kuma a yi hukunci na wucin gadi da shi kawai. Sai dai a sani, idan rukuni ɗaya ya yi ƙaranci sosai, saɓani biyu ko uku na iya kayar da adadin. Don haka ka nuna kason daidaito da ma'aunin tare, na kowace tambaya daban idan tambayoyinka sun fi ɗaya. Haɗa tambayoyi duka a fitar da matsakaici guda yana ɓoye mai rauni a bayan masu sauƙi irin su ranar bugawa da sunan jarida.

Da an ga 0.33, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne masu aikin ba su mai da hankali ba. Galibi laifin na kundin ƙa'idoji ne, wato takardar da ke gaya wa masu aikin yadda za su sa lamba. Ɗauko kanu 12 da suka saɓa a kai ka jera su a gabanka. Za ka tarar da irin waɗannan: "Gada ta rushe bayan an yi watsi da gargaɗin injiniyoyi". Akwai laifi, amma ba a ambaci mai shi ba. Ko kuma "'Yan adawa: minista ne ya jawo rushewar gada". A nan jarida ce ta ɗora laifi ko ta ruwaito ne? Ko "Wa ya ba da kwangilar gadar?", wanda tambaya ce mai zargi a ciki. Kundin da ya ce kawai "1 = ya ɗora laifi" ya bar wa kowane mai aiki ya yanke waɗannan da ra'ayinsa, kuma kowannensu yana da hujja.

Ƙa'ida mai aiki tana faɗin abin da ido zai gani a rubuce. Misali: a sa 1 idan kanun ya ambaci mutum, hukuma ko kamfani a matsayin sanadin abin, ko da ta bakin wani aka ruwaito, a sa 0 idan ba a ambaci kowa ba, ko kanun tambaya ce. Ƙarƙashin kowace ƙa'ida a ajiye misali bayyananne, da misalin da ya yi kama amma bai shiga ba. Na fi ganin amfanin na biyun, don a bakin iyaka ake rikicewa. Idan kuma bambancin ruwaya da maganar jarida yana da muhimmanci a bincikenka, ba shi tambayarsa daban: waye ya yi zargin? Cusa tambaya biyu a gurbi ɗaya shi ke haifar da rukunan da ke hawa kan juna, kamar kanun yajin aikin likitoci da ake rasa inda za a kai shi, lafiya ko ƙwadago.

Ka kuma rubuta ƙarara cewa kanu kaɗai ake dubawa, ka faɗi ko ƙaramin kanun da ke ƙasa ya shiga. Mai aikin da ya leƙa cikin labarin zai ga laifin da ɗan'uwansa bai gani ba. Ya fi sauƙi a kwashe kanun zuwa jadawali, a cire sunan jaridar, kada sanin ɓangaren da take goyon baya ya ja hannun mai sa lamba.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa yana zuwa bayan gyara. An zauna, an tattauna kanu 12 ɗin, an daidaita, sai a sake lissafi a kan 100 ɗin nan a samu 0.95. Wannan adadin ya auna tunawa da hirar da aka yi ne, bai auna kundin ba. Kanun da aka yi horo ko muhawara da su sun fita daga gwaji. Zaɓo sababbi ta hanyar ƙuri'a, kowa ya yi nasa ba tare da tuntuɓar ɗan'uwansa ba, kuma lambobin farko kafin sulhu su ne za a lissafa. Zai fi kyau ɗaya daga cikin masu gwajin ya kasance ba shi ya rubuta kundin ba, domin marubucin yana cike giɓin ƙa'idarsa da abin da ke ransa ba tare da ya lura ba.

Game da yawan samfurin gwaji, an saba jin a ɗauki kashi 10 cikin 100. A misalinmu hakan ya ba da kanu 100, amma masu ɗora laifi kusan goma ne kawai, kuma a kansu hukuncin ya rataya. Ƙara samfurin har rukunin da ke ƙaranci ya fito da yawan da kanu ɗaya ba zai jijjiga adadin ba, ka tabbata kowace jarida da kowane lokaci sun samu wakilci. Idan aikin zai ɗauki makonni, saka wasu kanun a jadawalin su biyun a tsakiya, ba tare da sun san waɗanne ba, don fahimtar mutum tana zamewa a hankali. Duk ƙa'idar da aka sauya a hanya, a rubuta mata kwanan wata, sannan a koma a sake sa lambar wannan tambayar a kanun da aka riga aka gama.