Yadda Ake Cire Tabon Mai, Tawada da Gumi Daga Farin Kaya

Da farko, kada dutsen guga ya taɓa tabon, domin zafi ne ke kafe shi a zare.

Idan mai ne, a barbaɗa garin sitaci a kai, a bar shi minti 20 ya tsotse man, sannan a kakkaɓe. A ɗiga sabulun wanke kwanuka na ruwa, a murza, a wanke da ruwa mai ɗumi.

Tawadar biro kuwa sifirit take ji. A shimfiɗa tsumma mai tsabta a ƙarƙashi, a jiƙa auduga da sifirit, a riƙa dannawa daga gefe zuwa tsakiya, ana sauya audugar da ta yi shuɗi. Gogawa baza tabon take yi.

Rawayar hammata da wuyan riga ta fi taurin kai. A kwaɓa bakin soda cokali 3 da ruwa cokali 1, a shafa da tsohon burushin haƙori, a bari awa ɗaya. A ɗauraye, a jiƙa minti 30 cikin binega kofi ɗaya da ruwa kofi 4, a wanke, a shanya a rana. Bilic ba ya maganinta. Yakan ƙara mata rawaya ma, kuma haɗa shi da binega na fitar da iska mai guba.