Kada a bar rami a baiti

Masu kai waƙa gidan rediyo, ku daina shafe kalmar zagi kuna barin rami. Mai sauraro da kansa zai cike gurbin.

A sauya ta da mai gaɓa daidai da tata. Misali "ɗan iska ya ci amanata": sa "ɗan birni". Gaɓa uku ce ita ma, nauyinsu ɗaya, ma'anar yaudara kuma tana nan. In kalmar a ƙarshen baiti take, amsa-amo ma sai ya dace. Ku rera a kan kiɗan tukuna. In harshe ya yi tuntuɓe, ba ta zauna ba.

A sake ɗaukar layin gaba ɗaya da makirufon farko, in ba haka ba kunne zai ji facin. 'Yan amshi ma kada a manta da su.