Yadda ake tantance shafin da ke koyar da hadisi da karatun addini

Shafin intanet ba ya da zaure, balle ka je ka zauna ka ga wa yake karantarwa, su wa suke ɗaukar karatu a gabansa. Amma tambayar da ake yi wa malamin zaure ita ce dai ake yi masa: a wurin wa ka yi karatu, kuma daga wane littafi ka ɗauko wannan magana? Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa Muhammad ɗan Sirin ya ce: "Wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku." Ga yadda ake wannan dubawa idan malamin shafi ne.

Mataki na farko: nemo sunan mutum

Kafin ka karanta darasi ko ɗaya, gangara can ƙasan shafin ka nemi inda aka rubuta About us, ko من نحن idan na Larabci ne. Abin da kake nema shi ne sunan mutum ko hukumar da za a iya kamawa da laifi idan an yi kuskure. Shafin dorar.net, alal misali, ya bayyana cewa Shaihu Alawi ɗan Abdulƙadir Assaƙƙaf ne mai kula da shi. Shafin islamqa.info yana ƙarƙashin Shaihu Muhammad Salih Almunajjid, islamweb.net kuma na ma'aikatar harkokin addini ta ƙasar Katar ne. Ko ka yarda da fahimtarsu ko ba ka yarda ba, ka san da wa kake magana. Shafin da ya ce kawai "ƙungiyar malamai masana" ba tare da suna ko ɗaya ba, wannan bai gaya maka komai ba.

Samun sunan kuma ba shi ne ƙarshe ba, domin ana buɗe shafuka da sunan manyan malamai ba da saninsu ba, har da waɗanda suka rasu. Ka duba ko malamin ya taɓa ambaton shafin a karatunsa, ko makarantarsa da ɗalibansa sun san da shi. Idan kana so ka ga tarihin shafin, sa adireshinsa a web.archive.org, zai nuna maka yadda yake a shekarun baya. Shafin da bara tallar kaya yake yi, bana kuma yana ba da fatawa, sai a yi hattara da shi.

Mataki na biyu: gwada shi da hadisin da ka san hukuncinsa

Wannan shi ne matakin da ya fi fito da gaskiya, don haka zan daɗe a kansa. Ɗauki maganar da kowa ya haddace tun yana yaro: "Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne." Nemo ta a shafin da kake gwadawa, ka ga yadda ya kawo ta.

Idan ya rubuta "Buhari ne ya ruwaito", ya faɗi jarrabawa nan take, domin ba ta cikin Buhari, ba ta cikin Muslim. Idan ya ce "Annabi (SAW) ya ce" ya wuce bai faɗi littafi ba, to mai shafin kwafowa yake yi, ba ya bincike. Shafin da masana ke bayansa zai gaya maka cewa Baihaƙi ya kawo ta kuma ya ce isnadinta, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, mai rauni ne, cewa Ibnu Hibban ya ce ɓatacciya ce ba ta da asali, Ibnul Jauzi kuma ya sa ta cikin hadisan ƙarya. Zai ma iya nuna maka inda cutar take, wato wani mai ruwaya da ake kira Abu Atika, wanda Buhari ya ce hadisinsa abin ƙi ne.

Akwai wani abu mai kyau a cikin wannan gwaji. A ruwayar, maganar tana haɗe da wata jimla: "Neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi." Ita wannan jimla ta zo ta wasu hanyoyi daban, Ibnu Majah ya kawo ta a lamba ta 224, kuma malamai irin su Mizzi da Albani sun ƙarfafa ta saboda yawan hanyoyinta. Saboda haka shafin da ya raba jimlolin biyu, ya ba kowace hukuncinta, ya nuna maka cewa akwai mai karatu a bayansa. Wanda ya haɗa su ya inganta, ko ya haɗa su ya watsar, bai kai can ba.

Don ka tabbatar da kanka, buɗe dorar.net, shiga sashen الموسوعة الحديثية, ka rubuta kalmomi biyu ko uku na Larabcin hadisin, kamar ولو بالصين. Zai jero maka wanda ya ruwaito, littafin, lambar, da hukuncin kowane malamin hadisi. Ka lura da cewa wani lokaci za ka ga "ingantacce" a layi ɗaya, "mai rauni" a na gaba. Sau da yawa kowannensu yana magana ne a kan isnadi daban, don haka ka karanta sunan sahabin da littafin kafin ka yanke hukunci. Idan Larabcinka bai kai ba, kai wa malamin unguwarku wayar ku duba tare.

Mataki na uku: nassi da fassara

Shafi nagari yana kawo Larabcin, sannan fassarar, sannan ya faɗi wanda ya fassara. Idan fassarar Alƙur'ani ce da Hausa, ya kamata ya ce ta wa ce, misali ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi wadda ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da ke Madina ta buga. Ɗauki aya uku ko huɗu ka gwama da bugun takarda. Fassarar da ba ta da mai ita, ga Hausar a karkace kamar na'ura ce ta juya ta, kada ka gina ibada a kanta.

Sai dai kada ka ɗora wa shafi laifin da ba nasa ba. Mu da muka taso da Warshu a makarantar allo muna karanta "maliki yaumiddin" ba tare da jan mim ba, yawancin shafuka kuwa Hafsu suke sakawa, mai ja. Lambobin ayoyi ma suna ɗan saɓawa, domin ƙidayar mutanen Kufa da ake bi a bugun Hafsu 6236 ce, ta Madina kuma ba ta kai haka ba. Haka lambobin hadisi: bugu ya bambanta, shi ya sa shafi mai kula yake haɗa lamba da sunan babi.

Mataki na huɗu: gane mazhabarsa

Shafi yana iya zama mai gaskiya a nassi, amma yana koyarwa a kan mazhabar da ba ita ka karanta ba. Nemi abin da ya ce game da ƙunutin asuba. Wanda ya karanta Ishmawi ya san cewa a wurin Malikawa mustahabbi ne, a asirce, kafin ruku'u ya fi. Hambalawa da Hanafawa ba sa ganin a dawwama a kansa a asuba. Idan shafin ya kawo ra'ayinsa, ya faɗi hujjarsa, ya kuma ambaci cewa Malik da Shafi'i suna ganin yin sa, wannan amana ce. Idan ya kawo ɓangare ɗaya kamar babu wani saɓani, to a sauran mas'alolin ma zai iya ɓoye maka rabin magana.

Daga nan sai ka aika masa da gyara ɗaya, ko da kuskuren rubutu ne ko lambar hadisi, ta adireshin da ya bayar, ka koma bayan mako biyu ko uku ka ga ko an amsa ko an gyara.