Kwamfuta tana ristat da zarar ka kunna gem? Duba fawa saflai kafin ka yi fomatin

Alamar dai kusan ɗaya ce kullum. Kana burauzin ko taifin ba matsala ko awa nawa ne, amma da ka buɗe gem mai nauyi ko ka saka bidiyo yana fita daga edita sai kawai allo ya yi baƙi ɗif, fanka ta tsaya, can kuma ta tashi da kanta kamar an ɗauke wuta an dawo da ita. Ba shuɗin allo, ba saƙon komai.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su ruga a sake musu Windows, wallahi wannan yana ba ni takaici don asarar kuɗi ce da fayil a banza, matsalar wuta ba ta jin fomatin. Wasu kuma su buɗe Event Viewer su ga Kernel-Power 41 su ce shi ke nan sun gano, alhali wannan lambar cewa kawai take an mutu ba shiri, ko soket ka zare ita za ka gani. Fara da cire zafi daga zargi: buɗe manhajar HWiNFO ka kalli zafin furosesa da katin girafik lokacin da kake gem, in suna wajen digiri 70 zuwa 80 kuma ta mutu, to ba zafi ba ne.

Kuskuren da ya fi kowanne cin mutane shi ne yarda da babban rubutun da ke jikin fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta. An rubuta 500W sai hankali ya kwanta. Furosesa da katin girafik daga layin 12V suke sha, don haka nemi inda aka rubuta +12V a sitikar ka ga amfiya nawa ne a ƙasansa, ka ninka da 12. A ce ka ga 22A, wato wat 264 ke nan. Yanzu a ce kana da i7-4770 mai cin wat 84 ka ɗora masa RX 580 mai cin wat 185, su biyun kaɗai sun kai 269, ba a saka hadi dis da fankoki da madabod ba. Ka ga tun a takarda lissafin ya riga ya karye, balle in fawar ta tsufa ta sha ƙura. Irin wannan injin fawa mai 550W ta kirki yake so, wadda kusan duk ƙarfinta yana kan 12V. Kuma in har sai da adafta daga Molex, wato filogin fawa mai wayoyi huɗu, ka samu ka jona katin, wannan ma alama ce cewa fawar ba don wannan aikin aka yi ta ba.

Sai gwajin da ake yi ba daidai ba. Mai gyara ya haɗa koriyar waya da baƙa na babban filogin fawar da ɗan ƙarfe, fanka ta juya, ya ce lafiyarta ƙalau. Abin da ya tabbatar kawai shi ne tana kunnuwa, ba a ɗora mata kaya ba ai.

Ga yadda ake yi. Saka maltimita a DC 20V, samu filogin Molex da ba a amfani da shi, jan tsinke a rawayar waya, baƙi a baƙar waya, ka kula kada tsinkayen su taɓa juna. Karanta lambar kwamfutar tana kunne ba ta aikin komai, sannan ka buɗe manhajar OCCT ka kunna gwajin Power, shi yana matsa wa furosesa da kati lokaci guda. Ƙa'ida ita ce 12V ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. In ka ga daga 12.1 ya gangaro 11.3 ko injin ya mutu cikin 'yan mintuna, ka samu mai laifi. Gwada kuma furosesa shi kaɗai, sannan kati shi kaɗai, in kowanne ya wuce amma haɗe suka kashe ta, zargin ya ƙara ƙarfi.

Amma fa mita tana iya nuna lafiya kuma fawar ce, saboda kati yakan fizgi wuta cikin ƙiftawar ido, fawar ta yanke kafin mita ta gani. Shi ya sa ni hukuncin ƙarshe a wurina aro ne: ari fawa mai ƙarfi ka maimaita gwajin nan, da wayoyinta na kanta, kada ka haɗa wayar wata fawa da wata.

Kafin ka kashe kuɗi gwada a wuta mai kyau kai tsaye daga bango, don lo-karent ko ƙaramin janareto ko UPS mai 650VA duk suna kawo wannan ciwon. Kuma don Allah kada ka kwance fawa ka ce za ka duba ciki, kafasitocinta suna riƙe wuta ko an zare filogi, in ta gaza canza ta kawai.