Darasi na Tara: Buga Takarda Daga Waya Ba Tare da Sauke Wata Manhaja Ba

A ce ɗanku ya turo muku takardar rajistar jarrabawar JAMB ta WhatsApp, ya ce a buga masa kafin gobe. A ofishinku, ko a shagon maƙwabcinku, akwai firinta mai alamar Wi-Fi a goshinta, amma babu kwamfuta, wayar kuma ta cika har ba ta karɓar sabuwar manhaja. Wannan darasi zai nuna yadda takardar za ta fito da abin da ke cikin wayar tun daga kamfani.

Kamfanin Apple ya saka wannan dabara a iPhone tun shekarar 2010, da sunan AirPrint. Wayoyin Android kuwa sun samu tasu daga Android 8, wanda ya fito a 2017, ana kiranta Default Print Service. Don haka yawancin wayoyin da ke hannun mutane yau suna da ita. Firintar ma dole ta san wannan yare. Ku duba kwalinta ko littafin da ya zo da ita: in kun ga an rubuta AirPrint ga mai iPhone, ko Mopria ga mai Android, to za ta yi. Tsohuwar firinta irin HP LaserJet 1020, wadda sai da igiya take haɗuwa da kwamfuta, ba ta cikin wannan magana.

Waya da firinta a gida ɗaya

Nan ne mutane suka fi tuntuɓe, don haka mu tsaya a kai. Waya ba ta aika takarda ta intanet. Kira take yi a cikin layin Wi-Fi da take kai, kamar mai sallama a tsakar gida, tana tambaya ko akwai firinta. Firintar da ke kan wannan layi ita ke amsawa da sunanta. In waya na kan datar layinku, firinta kuma na kan na'urar raba intanet ta ofis, wato rawuta, to gidajensu daban, ko da suna kan teburi ɗaya. Duk yadda waya ta kai ga kira, ba mai amsawa.

Wannan ma yana da daɗinsa: ko data ta ƙare a rawuta, bugun zai yi, muddin rawutar na kunne kuma dukansu biyu suna kanta.

Haɗa firinta da rawuta sau ɗaya ake yi. A firinta mai ɗan allo, ku nemi Wireless Setup Wizard ko wani suna mai kama da shi, ku zaɓi sunan Wi-Fi ɗin, ku saka lambar sirri. A mara allo kuwa, ku danne maɓallin Wi-Fi na firintar har fitilarsa ta fara ƙyaftawa, sannan ku danna maɓallin WPS a jikin rawuta kafin minti 2 su cika. Idan fitilar ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak, ta haɗu.

Yanzu takardar yaron

Ku haɗa wayar da wannan Wi-Fi, ku buɗe takardar daga WhatsApp. A Android, ku taɓa ɗigo uku da ke sama ta hannun dama, ku zaɓi Print. Za ku ga hoton takardar, a samansa kuma sau da yawa an rubuta Save as PDF. Wannan ba firinta ba ce, ajiya ce a cikin waya, kuma mutane da yawa nan suke dannawa su tsaya jiran takardar da ba za ta fito ba. Ku taɓa rubutun, jeri zai sauko, ku zaɓi sunan firintar. A iPhone, ku taɓa alamar akwati mai kibiya tana kallon sama, ku gangara zuwa Print, sannan ku zaɓi firinta.

Kafin ku danna buga, ku duba girman takarda. Takardar da ake sayarwa a kasuwanninmu A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Wasu wayoyi suna zuwa a kan Letter, ta Amurka, wadda ta ɗan fi faɗi amma ta gaza tsawo. In an bar ta haka, rubutu kan fito a karkace ko a ƙanƙance, wani lokaci firinta ta ƙi ɗaukar takarda tana kukan girman bai yi daidai ba. Ku mayar da shi ISO A4. Ku kuma duba Pages: in takardar shafi 6 ce alhali na farko kaɗai ake so, ku rubuta 1. Tawada ta fi takarda tsada, kuma in ba a bukatar kala, Black & White ya wadatar.

Idan sunan firinta bai fito ba

Ku fara da waya. A Android, ku shiga Settings, ku rubuta print a wurin bincike, domin kowane kamfani da inda yake ɓoye ta. Ku tabbata Default Print Service a kunne take. Sannan ku dubi sunan Wi-Fi ɗin da kuke kai. In yana ɗauke da kalmar Guest, layin baƙi ne, kuma da gangan aka gina shi don na'urori kada su ga juna. Ku koma babban layin.

In har yanzu shiru, ku sa firintar ta buga bayanin haɗinta, ana yawan kiransa Network Configuration. Ku nemi layin IP Address. Lamba irin 192.168.0.105 tana nufin ta haɗu lafiya. In ta fara da 169.254, rawuta ba ta ba ta adireshi ba. Hakan kan faru bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, firinta ta riga rawuta farkawa. Ku bar rawutar ta gama tashi, sannan ku kashe firintar ku sake kunna ta. Wani abin lura kuma, wasu rawutoci layi biyu suke fitarwa, na 2.4 GHz da na 5 GHz, firintoci da yawa kuwa na 2.4 GHz kaɗai suke gani.

Inda babu rawuta sam

Firintoci masu Wi-Fi Direct da kansu suke fitar da layi. Ku kunna shi a firintar, ku duba jerin Wi-Fi na waya, za ku ga suna mai farawa da DIRECT. Lambar sirrinsa tana allon firintar ko a shafin bayanin da take bugawa. Waya za ta yi gargaɗi cewa layin ba shi da intanet. Gaskiya ta faɗa, amma ku tsaya a kansa. Ni nakan kashe data na ɗan lokacin, don wasu wayoyi sukan sulale su koma kanta. Sai dai ku sauke takardar daga WhatsApp tukuna, domin a kan wannan layi ba za ta sauka ba.

Aikin yi

Kowa ya buɗe Settings na wayarsa ya nemo Default Print Service, ya nuna wa na kusa da shi. Masu iPhone su nemo Print a ƙarƙashin wani hoto. Sannan kowa ya buga shafi ɗaya na A4, baƙi da fari, ya kawo shi aji ranar darasi na gaba.