Gano yaran da suka makara wa Penta 2

'Yan'uwa masu riƙe da rajista, ga dabarar Excel na Faransanci da nake amfani da ita a asibitinmu nan Tawa. Tsakanin Penta 1 da Penta 2 kwana 28 ne. Ranar allurar farko tana C, ta biyu tana D. Sai a rubuta wannan a E2, a ja shi ƙasa:

```
=SI(ET(C2<>"";D2="";AUJOURDHUI()>C2+28);"YA MAKARA";"")
```

Yaron da aka yi wa ranar 3 ga Maris, in D babu komai, daga 1 ga Afrilu zai fito.

Amma a kula: kwanan wata da ɗigo, kamar 03.03.2025, Excel na Faransanci rubutu yake ɗaukarsa, ya manne hagu, ya ba da #VALEUR!. A sa 03/03/2025. Kuma kafin a kira uwa, a duba rajistar takarda, wataƙila an yi allurar ba a shigar ba.